Hanyoyi huɗu na karɓar dala daga masu ba da aiki na ƙetare: abin da kowace ke ci da inda take maƙalewa

Matasan Najeriya da ke yi wa kamfanonin ƙetare aikin fassara, rubuta manhaja, zane ko bincike sukan gano cewa kammala aiki daban, karɓar kuɗinsa daban. Wanda ya ba da aikin yakan ce ya biya tun ranar Litinin, amma a kai Juma'ar mako na biyu banki a Kano ko Kaduna yana cewa bai ga komai ba. Idan kuɗin suka iso, wani lokaci su zo da giɓi, wani lokaci kuma su zo a naira bisa farashin da mai su bai zaɓa ba.

Manyan halastattun hanyoyin da dala ke bi ta iso hannun mai aiki a Najeriya huɗu ne: turawa kai tsaye daga banki zuwa asusun dala, asusun karɓa na ƙasar waje da ake buɗewa a manhaja, kamfanonin aiko da kuɗi, da kuma kuɗin kirifto mai bin darajar dala. Tambayoyi uku ne ke bambanta su. A wane irin kuɗi biyan zai sauka, dala ko naira? Wa ke riƙe da kuɗin kafin su zo hannu? Wace shaida ce za ta rage idan banki ko hukuma ta tambayi asalinsu?

Dalilin da ya sa kuɗin ke jinkiri

Dala ba ta tashi daga bankin Amurka ta sauka a bankin Najeriya kai tsaye. Bankin Najeriya da ke karɓar dala yana da asusun dala a wani babban banki na ƙetare, galibi a birnin New York, kuma ta cikin wannan asusun ake biyansa. Abin da ke tafiya ta tsarin SWIFT saƙo ne kawai, wato umarnin a cire daga nan a zuba a can. Ke nan biyan kuɗi ɗaya yakan ratsa aƙalla banki uku: na mai turawa, na tsakiya, da na mai karɓa. Kowannensu yana da ikon tsayar da shi ya yi tambaya, kuma na tsakiya yana iya yankar ladarsa.

Binciken da ake yi wa kuɗin da ke zuwa Najeriya ya ƙara tsanani bayan da hukumar FATF, mai sa ido kan halasta kuɗin haram a duniya, ta sanya ƙasar cikin jerin waɗanda ake sa wa ido a watan Fabrairun 2023. An cire Najeriya daga jerin a watan Oktoban 2025, sai dai kowane banki da kamfani na ƙetare yana da nasa ma'aunin haɗari, kuma ba dole ba ne ya sassauta a rana ɗaya.

Akwai kuma matsalar suna, wadda ta fi shafar mutanen Arewa. Na'urorin bankuna suna gwada sunan kowane mai karɓa da jerin sunayen waɗanda aka ƙaƙaba wa takunkumi. Suna irin Muhammad Abubakar ko Ibrahim Usman na iya yin kama da wani da ke cikin jerin, sai a ajiye biyan har ma'aikaci ya duba da idonsa. Abin yakan ƙara dagulewa idan an rubuta Muhammad a fasfo, Mohammed a BVN, sannan Muhammed a takardar neman biya. Daidaita rubutun suna a NIN, BVN, fasfo da asusun banki, harafi da harafi, shi ne gyara mafi arha da mai aiki zai iya yi kafin ya nemi a biya shi.

Hanya ta farko: daga banki zuwa asusun dala

Asusun dala, wanda bankuna ke kira domisiliyari, asusu ne a bankin Najeriya da ke ajiye kuɗin waje ba tare da an canza su ba. Ana buɗe shi da BVN, NIN, katin shaida, hoto da shaidar adireshi, kuma bankuna da dama suna neman mutum biyu masu asusun karant su tsaya wa mai buɗewa. A watan Yunin 2023, bayan da ya haɗe kasuwannin canji wuri guda, Babban Bankin Najeriya, CBN, ya bayyana cewa masu irin wannan asusu suna da cikakken iko da kuɗin da ke cikinsa ba tare da tarnaƙi ba.

Abin da ake ba mai turawa shi ne sunan mai asusu kamar yadda yake a banki, lambar asusu, lambar SWIFT ta bankin Najeriya, da suna da lambar SWIFT na bankin tsakiya tare da lambar asusun bankin Najeriya a can. Banki ne ke bayar da waɗannan bayanai a rubuce, kuma na dala daban ne da na yuro ko na fam. Idan aka turo yuro ta hanyar da aka tanada domin dala, ko dai a mayar da kuɗin ko a canza su a hanya bisa farashin da bai yi wa mai karɓa daɗi ba.

A fom ɗin turawa akwai gurbin da ke fayyace wanda zai ɗauki nauyin caji, kuma zaɓi uku ne. OUR na nufin mai turawa ya ɗauki cajin duka. SHA na nufin mai turawa ya biya bankinsa, sauran kuma a yanka daga cikin kuɗin. BEN na nufin a yanki komai daga kuɗin mai karɓa. Yawancin giɓin da ake gani ya samo asali ne daga wannan gurbi, domin idan ba a yi magana ba, SHA aka fi zaɓa. Wanda yake son kuɗinsa su iso cif sai ya rubuta OUR a cikin yarjejeniyar aiki tun farko, ko ya ƙara cajin hanya a kan farashinsa.

Idan komai ya tafi daidai, kuɗin kan iso cikin kwana biyu zuwa biyar na aiki. Ba a lissafa Asabar da Lahadi, ba a lissafa ranakun hutun Amurka, haka nan hutun Sallah ko na Kirsimeti a Najeriya yana tsayar da sashen da ke zuba kuɗin a asusu.

Idan kwana biyar na aiki suka wuce, hoton da mai turawa ya ɗauko daga manhajar bankinsa ba shi da amfani a wajen bankin Najeriya. Abin da ake nema shi ne kwafin saƙon biyan, wanda aka saba kira MT103, ko da yake bankuna sun koma sabon tsarin saƙo mai suna pacs.008. A cikinsa akwai lamba mai haruffa da alƙaluma 36 da ake kira UETR, wadda ke bin biyan daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Da wannan lamba sashen kuɗin waje na banki zai iya ganin bankin da kuɗin suka tsaya a cikinsa.

Amsar da za a samu ɗaya ce daga cikin uku. Idan mai turawa ya kasa kawo UETR, alama ce cewa kuɗin ba su bar bankinsa ba, ko kuma bai tura ba sam. Idan sun tsaya a bankin tsakiya, yawanci tambaya ce aka aika wa bankin mai turawa, kamar ranar haihuwar mai karɓa ko dalilin biyan, kuma mai turawa ne zai matsa a amsa. Idan kuwa sun iso bankin Najeriya amma ba a zuba su ba, to banki yana jiran takarda ne: yarjejeniyar aiki, takardar neman biya, ko bayanin alaƙar mutum da mai turawa. Idan an miƙa takardun amma banki ya yi shiru, ƙa'idar CBN ita ce a shigar da ƙorafi a rubuce a bankin, a ba shi mako biyu, sannan a kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na CBN tare da shaidar ƙorafin farko.

Raunin wannan hanya biyu ne. Cajinta ƙayyadadde ne, bai damu da yawan kuɗin ba, don haka tana cutar da mai ƙaramin biya. Sannan fitar da tsabar dala daga reshen banki ba kullum yake yiwuwa ba: a ce babu, ko a bayar da ƙananan takardu, waɗanda 'yan canji a Wapa ta Kano ko Zone 4 ta Abuja ke saye a farashin da bai kai na takardar dala 100 ba.

Hanya ta biyu: asusun karɓa na ƙasar waje

Kamfanoni irin su Payoneer, Grey, Raenest da Cleva suna ba wanda ke zaune a Najeriya lambar asusu ta Amurka da sunansa, haɗe da lambar banki mai alƙaluma 9. Mai ba da aiki a Amurka sai ya biya ta tsarin cikin gida na ACH, kamar yadda zai biya ma'aikacinsa na can, a kan caji kaɗan ko ma kyauta. Babu bankin tsakiya, kuma biyan kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku na aiki. Daga nan mai asusun zai iya barin kuɗin a dala, ko ya canza su zuwa naira a cikin manhajar, wasu kamfanonin kuma suna ba da damar tura dalar zuwa asusun domisiliyari.

Wannan ce hanyar da masu aiki a dandalin Upwork da Fiverr suka fi bi. Sai dai a rarrabe jinkirin dandali da jinkirin banki: Fiverr yana yankar kashi 20 cikin 100 na kuɗin aiki, kuma yana riƙe ragowar na kwana 14 ga yawancin masu aiki kafin a iya cirewa. Wannan jira ba laifin wani banki ba ne.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne cewa wannan lamba ba asusun banki ba ce irin wadda mutum ya buɗe da kansa. Kamfanin manhajar ne ke da yarjejeniya da wani banki a Amurka, shi kuma mai amfani yana ƙarƙashin wannan yarjejeniya. Idan bankin ya sauya ra'ayi game da Najeriya, lambar na iya mutuwa cikin ɗan gajeren wa'adi. Haka ta faru a shekarar 2024, lokacin da kamfanin Mercury na Amurka ya sanar da rufe asusun kamfanonin da masu su ke zaune a wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya, ya ba su 'yan makonni su kwashe kuɗinsu. Bugu da ƙari, inshorar hukumar NDIC, wadda ke kare ajiyar da ke bankunan Najeriya, ba ta kai ga kuɗin da ke zaune a wani banki na ƙetare ta hannun manhaja ba. Saboda haka irin wannan asusu mashiga ce, ba rumbu ba: a karɓa, a kwashe.

Kurakurai uku ne suka fi jawo a riƙe kuɗi a nan. Na farko, a turo biya ta SWIFT zuwa lambar da ACH kaɗai take karɓa, sai kuɗin su koma bayan kwanaki. Na biyu, sunan da mai turawa ya rubuta ya saɓa da na mai asusu, kamar a sa sunan kasuwanci alhali asusun na mutum ne. Na uku, biya ya fito daga asusun wani mutum maimakon na kamfani, a wurin da ƙa'idar manhajar ta taƙaita irin wannan. Kowane kamfani yana da shafin da ya jera irin biyan da yake karɓa, kuma karanta shi kafin a miƙa lamba ya fi neman a saki kuɗi bayan an riƙe.

Nan ne kuma ya dace a ambaci PayPal. Kamfanin ya shigo Najeriya a shekarar 2014, amma ya shafe fiye da shekara 10 asusun mutum na Najeriya biya kawai yake yi, ba ya karɓa. Wannan ya haifar da kasuwar sayar da asusun da aka buɗe da adireshin wata ƙasa. Ranar da kamfanin ya nemi shaidar zama a ƙasar, mai asusun ba shi da abin nunawa, kuma ƙa'idar PayPal ta ba shi damar riƙe kuɗi har kwana 180. Wanda ya yi ƙarya a adireshi ba shi da bakin kai ƙara.

Hanya ta uku: kamfanonin aiko da kuɗi

Western Union, MoneyGram, WorldRemit, Remitly da makamantansu su ne suka fi sauri, domin kuɗi kan shiga cikin mintuna ko sa'o'i. Amma dokar da ke kansu ta sauya fiye da sau ɗaya, shi ya sa bayanan da ke yawo a kansu suke saɓa wa juna. A ƙarshen shekarar 2020 CBN ya umarci a riƙa biyan masu karɓa da dala. A watan Maris na 2021 ya ƙara da tukuicin naira 5 a kan kowace dala da aka aiko, shirin da ya ƙare a watan Yunin 2023. Sai kuma a ranar 31 ga Janairun 2024 ya fitar da sababbin ƙa'idoji da suka ce duk kuɗin da suka shigo ta waɗannan kamfanoni a biya su da naira, kuma abin da ya haura kwatankwacin dala 200 a zuba shi a asusun banki, ba a miƙa tsaba ba.

Ma'anar wannan ita ce wanda aka biya ta wannan hanya naira zai gani, bisa farashin da kamfanin ya sa a lokacin turawa. Cajin da ake nuna wa mai turawa na iya zama kaɗan, ribar kamfanin kuwa tana ɓoye a cikin farashin canjin. Wannan ƙa'ida ba ta shafi kuɗin da aka turo daga banki zuwa asusun domisiliyari ba, waɗannan suna sauka a dala.

Akwai wani iyaka kuma. Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji an gina su ne domin aika wa iyali kuɗi, kuma sharuɗɗansu sun hana biyan kuɗin kasuwanci da asusun mutum. Kamfanin da ke da akanta ba zai yarda ya biya ta nan ba, domin ba zai sami shaidar da zai sa a littafinsa ba. Hanyar ta fi dacewa da ƙaramin biya na lokaci ɗaya daga mutum zuwa mutum.

Hanya ta huɗu: kirifto mai bin darajar dala

USDT da USDC kuɗin intanet ne da aka tsara kowane ɗaya ya tsaya a kan dala ɗaya. Suna isowa cikin mintuna, dare ko rana, ba ruwansu da hutun banki. Matsayinsu a doka ya sauya sau da dama. A ranar 5 ga Fabrairun 2021 CBN ya hana bankuna hulɗa da masu hada-hadar kirifto, sannan ya janye hanin a watan Disamban 2023. A watan Fabrairun 2024 gwamnati ta tsare jami'an kamfanin Binance biyu, kamfanin kuma ya daina hulɗa da naira a watan Maris. A watan Agustan wannan shekarar hukumar SEC ta ba Quidax da Busha amincewar farko, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kadarorin intanet a ƙarƙashin kulawar hukumar.

Haɗari na farko na fasaha ne. USDT yana tafiya a kan layuka daban-daban. Adireshin layin TRC20 yana farawa da harafin T, na ERC20 kuma da 0x, haka ma na BEP20 da 0x yake farawa, abin da ke sa a rikita su. Idan aka tura a layin da wurin karɓa bai san shi ba, kuɗin na iya salwanta, kuma babu ofishin da za a je a yi kuka. Shi ya sa ake rubuta sunan layin tare da adireshin, a fara da gwajin dala 5 ko 10 kafin a turo sauran.

Haɗari na biyu ya fi girma, kuma yana zuwa ne a lokacin sayarwa. A cinikin mutum da mutum, wanda ba a sani ba ne ke turo naira cikin asusun mai sayarwa. Idan nairar ta fito daga damfara, wanda aka damfara zai kai ƙara, a bi sawun kuɗin, a rufe duk asusun da suka ratsa, har da na wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. A watan Afrilun 2024 hukumar EFCC ta samu umarnin kotu na rufe asusu fiye da 1,100 bisa zargin hada-hadar canji ba bisa ƙa'ida ba da halasta kuɗin haram. Idan aka rufe asusu, ba kuɗin cinikin kaɗai ke maƙalewa ba, har da duk abin da ke ciki. Sayarwa ga kamfanin da ke ƙarƙashin SEC, wanda nairar za ta fito daga asusunsa da sunansa, tana rage wannan haɗari ko da farashin ya ɗan gaza.

Misali da lissafi

A ɗauka wata mai fassara a Kano tana bin wani kamfanin Amurka dala 1,200. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, domin caji da farashi suna sauyawa, amma tsarin lissafin ba ya sauyawa. A ƙaddara dala tana naira 1,500 a kasuwa, wato cikakken kuɗinta naira 1,800,000 ke nan.

Idan aka turo ta banki bisa SHA, bankin tsakiya ya yanki dala 20, dala 1,180 za su sauka. Idan ta sayar a 1,500 za ta sami naira 1,770,000, asararta 30,000. Idan ta bi asusun manhaja mai cajin kashi 1 cikin 100, dala 1,188 za su rage, kuma idan manhajar tana canzawa a 1,480 za ta sami naira 1,758,240, asararta 41,760. Idan aka bi kamfanin aiko da kuɗi mai farashin 1,470, naira 1,764,000 za su shiga asusunta a ranar, asararta 36,000. Idan USDT ne, aka cire dala 2 na layi, ta sayar a 1,495, za ta sami naira 1,791,010, asararta ba ta kai 9,000 ba.

Abu biyu ne lissafin ya nuna. Na farko, a hanyar manhaja cajin da aka bayyana dala 12 ne, wato naira 18,000, amma tazarar naira 20 a kan kowace dala ta ci fiye da haka, naira 23,760. Don haka ba a kwatanta hanyoyi da caji, sai da nairar da za ta shiga hannu a ƙarshe. Na biyu, tsakanin hanya mafi tsada da mafi arha tazarar ba ta kai naira 33,000 ba. Araha ba ta ado: wannan ragi bai kai a sa asusun da ke ɗauke da kusan naira miliyan biyu cikin haɗarin rufewa ba.

Idan kuma biyan dala 150 ne kacal, lissafin yakan juye. Dala 20 ta bankin tsakiya ta zama fiye da kashi 13 cikin 100, naira 195,000 za ta samu maimakon 225,000. Ta manhaja kuwa za ta sami naira 219,780. Ke nan ƙaramin biya ya fi dacewa da manhaja, babba kuma da asusun domisiliyari, musamman ga wanda yake son ya riƙe dalarsa ya sayar a lokacin da ya ga dama. Mai aiki da kamfani ɗaya a kai a kai zai iya neman a tara masa biyan wata biyu ko uku a turo a dunƙule.

Takardun da ke kare mai kuɗi

Ko wace hanya aka bi, takarda ce ke sakin kuɗin da aka riƙe. Ana buƙatar yarjejeniyar aiki ko saƙon imel da ya fayyace aikin da farashinsa, da takardar neman biya mai lamba da kwanan wata, da shaidar biyan. Lambar takardar neman biyan ita ce ya kamata mai turawa ya rubuta a gurbin dalilin biya, maimakon ya bar shi fayau ko ya rubuta kyauta. Kamfanonin Amurka sukan nemi a cike fom ɗin W-8BEN, wanda ke tabbatar da cewa mai karɓa ba ɗan Amurka ba ne. Rashin cike shi kan sa a jinkirta biya ko a yanki haraji a can.

Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa banki ya kai rahoton duk kuɗin da suka shigo daga ƙetare da suka haura dala 10,000. Rahoton ba tuhuma ba ce, kuma ba ya hana a biya mai kuɗi. Abin da dokar ta haramta shi ne a daddatsa kuɗi da gangan domin a kauce wa rahoton. Wanda ya ce a turo masa dala 9,500 sau biyu maimakon 19,000 sau ɗaya ya jawo wa kansa zargin da ba shi da dalili.

Haka nan karɓar wa wani kuɗi a asusun dala domin a sami ɗan kaso abu ne da ya jefa matasa da dama hannun hukuma, domin mai asusu ne ake nema idan kuɗin suka zama na sata. Irin wannan ne kuma mai ba da aikin da zai ce ya yi kuskuren turo fiye da kima, a mayar masa da rarar ta wata hanya. Biyan ACH ana iya janye shi bayan ya bayyana a asusu, sai mutum ya wayi gari an kwashe biyan, rarar da ya mayar kuma ta tafi.

Kuɗin da aka samu daga ƙetare ba su kuɓuta daga haraji ba. Dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026, ta ɗora wa mazaunin Najeriya haraji a kan abin da ya samu a ko'ina, tare da yafe naira 800,000 na farko a shekara, kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da mutum ke zaune ce ke karɓa. Shi kuwa mai fitar da kaya, kamar riɗi, citta ko zoɓo, tsarinsa daban ne: yana cike fom ɗin NXP, kuma dole kuɗin kayan su dawo ta asusun da aka keɓe domin haka cikin kwana 180.

Dokokin CBN a kan kuɗin ƙetare sun juya fiye da sau ɗaya tsakanin 2020 da 2024, kuma kamfanonin manhaja suna sauya bankunan da suke hulɗa da su ba tare da dogon gargaɗi ba. Saboda haka mai aiki da ƙetare yana buƙatar hanya biyu a buɗe, asusun domisiliyari da asusun manhaja guda, dukansu da suna iri ɗaya, kuma an gwada kowanne da ƙaramin kuɗi kafin ranar da babban biya zai zo.